Kafin Mu Sayi Ƙaramar Kwamfuta, Mu Fara Duba Allonta



A watannin nan mutum uku daga cikinmu, 'yan ƙungiyar marubuta na yankin Ƙaraye da Rogo, suka tara kuɗi suka shiga Kano sayen ƙaramar kwamfuta 'yar hannu. Dukkansu sun tambayi mai shago girman ma'adana da ƙarfin injin, sun kuma yi ciniki sosai. Babu ko ɗaya da ya tambayi komai game da allon, alhali shi ne abin da za su zura wa ido awa huɗu ko biyar a kullum, kuma yana cikin manyan masu shan cajin da suke ta tattali. Ra'ayinmu a nan shi ne, ga marubucin Hausa da ke zaune inda wuta ba ta da tabbas, allo ne abin da ya kamata a fara dubawa, kuma wanda ya fi dacewa da mu shi ne matsakaici: inci 13.3 ko 14, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Ƙasa da haka ido ne zai biya, sama da haka kuma batir ne zai biya. Bari mu kawo dalilanmu.

Mu fara da abin da ya sami wata 'yar uwarmu, malamar firamare a Rogo. Ta sayi 'yar ƙaramar kwamfuta mai allo inci 11.6 saboda tana shiga jakar hannunta, tana kuma riƙe caji yadda ya kamata. A kanta ta rubuta gajeren labari, ta karanta shi har sau uku, ta turo mana mu duba kafin ta aika wata gasa. Da muka fitar da shi a takarda sai ga kurakurai iri ɗaya a kusan kowane shafi. Inda take nufin baƙi sun iso, ta rubuta baki. Inda uwa ke yi wa 'yarta faɗa, an kai ta fada. A wani wurin ma ƙasa ta koma kasa. Ba rashin sanin ƙa'idar rubutu ba ne, domin ita ce ke gyara wa wasunmu. Da muka buɗe labarin a kwamfutarta muka ga abin da ya faru: a wannan allon, da girman rubutun da take amfani da shi, ƙugiyar ƙ da ta ɗ ba ta wuce ɗan tabo a saman harafi ba. Mutum ya karanta da sauri, da daddare, ido ya gaji, ba zai lura ko tana nan ko ba ta nan ba.

Wannan ita ce matsalar da ta keɓanta da mu. Mai rubutun Turanci zai iya haƙuri da allo marar kaifi, domin haruffansa sun bambanta da juna da girman jiki. Mu kuwa bambancin bata da ɓata, ko kafa da ƙafa, yana rataye ne a jikin 'yar lanƙwasa guda.

Don mu fahimci dalilin, sai mu raba abubuwa biyu da masu shago kan haɗa su wuri ɗaya. Girman allo daban, yawan ɗigon da ke cikinsa daban. Girman shi ne tsawon da ake aunawa da inci daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace. Ɗigo kuwa, wanda ake kira fiksel, shi ne ƙwayar haske mafi ƙanƙanta da allo ke zana harafi da ita. Allon da aka rubuta masa 1366 × 768 yana da ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Na 1920 × 1080 yana da miliyan biyu da 'yan kai, wato ninki biyu. Na 3840 × 2160, wanda ake kira 4K, ya haura miliyan takwas. Kaifin rubutu ya dogara ne da yadda ɗigon suka cunkushe a kowane inci. Ɗigo 1366 × 768 a allo inci 14 yana ba da kimanin ɗigo 112 a inci ɗaya. Ɗigo 1920 × 1080 a wannan girman yana ba da 157, a inci 13.3 kuma 166.

Yanzu mu koma kan harafi. Idan muka zaɓi girman rubutu 12 a Word, ba mu ƙara girman shafi ba, Windows kuma ba ta faɗaɗa komai ba, gurbin kowane harafi daga sama zuwa ƙasa ɗigo 16 ne kacal. A cikin wannan goma sha shida za a zana jikin harafin, da sandarsa, da filin da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya rage wa ƙugiya bai wuce ɗigo biyu ko uku ba. A takarda, girman 12 ya ɗan haura milimita huɗu. A allon 'yar uwarmu, mai ɗigo 135 a inci, ɗigo 16 milimita uku ne. Ke nan harafin ya ƙanƙance, ɗigon zana shi kuma ba su da yawa. Da ta ƙara girman shafin zuwa kashi 150 ƙugiyoyin sun fito fes, amma sai layukan da take gani a lokaci guda suka koma kamar goma, domin tsayin allon gaba ɗaya bai kai santimita 15 ba, kuma kayan aikin Word sun cinye wani kaso daga sama. Mai gyaran labari yana bukatar ya ga sakin layi biyu ko uku tare, ya ji yadda magana ke gangarowa. Da layi goma sai dai leƙe ta kafar ƙofa.

To, sai wani ya ce ai maganin shi ne a nemi allo mai ɗigo mafi yawa. A nan ma akwai tuntuɓe, kuma ɗan uwanmu na biyu, ɗan Ƙaraye, ya yi shi. Ya samo kwamfuta inci 12.5 mai ɗigo 1920 × 1080, ya dawo yana murna, bayan kwana uku ya ce kansa na ciwo, rubutun kamar tururuwa. Wanda ya sa mata Windows ya bar ma'aunin faɗaɗawa a kan kashi 100. A wannan allon ɗigo 176 ne a inci, saboda haka ɗigo 16 ɗin nan bai kai milimita biyu da rabi ba. Ɗigo masu yawa ba sa ƙara wa harafi girma da kansu, rage masa suke yi, sai an umarci kwamfutar ta kashe ɗigo da yawa a kan kowane harafi. Wurin da ake yin haka shi ne `Settings`, sai `System`, sai `Display`, a nemi `Scale`. Da muka mayar masa da shi kashi 150, gurbin harafi ya koma ɗigo 24, ciwon kai ya tafi, ƙugiya ta fito da ɗigo huɗu ko biyar.

Amma mu lura da abin da ya biyo baya, domin shi ne mutane da yawa ba su sani ba. Idan aka faɗaɗa 1920 × 1080 da kashi 150, filin aikin da ya rage daidai yake da 1280 × 720, wato ya ɗan gaza na tsohon allo mai 1366 × 768. Ke nan a ƙaramin allo, ƙarin ɗigo kaifi kawai yake saya maka, ba ya ƙara maka fili. Fili yana zuwa ne daga inci. A allo inci 14 yawancin masu lafiyayyen ido suna iya zama a kan kashi 125, wanda ke barin fili daidai da 1536 × 864, harafi kuma ya sami ɗigo 20. A nan ne mutum ke samun abu biyun tare: ƙugiya a bayyane, layuka kuma da yawa. Wannan ne ya sa muka fifita inci 14 ga wanda aikinsa gyaran dogon littafi ne, inci 13.3 kuma ga wanda ke yawan hawa babur da jaka a baya.

Me ya sa ba mu ce a haura zuwa 4K ba, in da hali? Domin ido yana da iyaka. Muna zama da kwamfuta a nisan santimita 50 zuwa 60. A wannan nisan, lafiyayyen ido yana daina rarrabe ɗigo da ɗigo idan sun kai kimanin 150 zuwa 170 a inci. Allon 4K mai inci 13.3 yana da ɗigo 331 a inci, ninki biyu na abin da idon ke iya rarrabewa. Ba mu musanta cewa rubutu yana ɗan ƙara santsi a kansa ba, kuma mai aikin hoto yana da hujjarsa. Amma ga mai buga labari, ribar kaɗan ce, kuɗin da batir ke biya kuwa ba kaɗan ba ne.

Nan muka zo kan caji, wanda shi ne ainihin damuwarmu. Kowa a cikinmu ya san yadda ake yini babu wuta, a kai kwamfuta shagon mai caji ko a roƙi arziki wurin mai sola, a dawo da ita da magariba ana lissafin awannin da za ta yi. Allon yawancin kwamfutocin da muke saye ba ya haske da kansa. Akwai fitila a bayansa, ɗigon kuma kamar 'yan tagogi ne da ke buɗewa da rufewa don hasken ya wuce. Wannan fitilar ce babbar mai shan wuta a allon, kuma abu uku ne ke ƙara mata aiki. Na farko faɗin allo: inci 14 ya fi inci 11.6 faɗin fili da kusan rabi, don haka a haske iri ɗaya fitilarsa za ta fi shan wuta da kusan wannan gwargwadon. Na biyu cunkoson ɗigo: kowace 'yar taga tana da bango kewaye da ita, idan tagogin suka yi yawa suka ƙanƙance, bangon ke cin kaso mafi girma, sai fitila ta ƙara ƙarfi kafin haske iri ɗaya ya iso ido. A kan haka kuma injin zane na kwamfutar yana sabunta ɗigo miliyan takwas maimakon biyu, sau sittin a kowace daƙiƙa. Tsakanin 1366 × 768 da 1920 × 1080 bambancin shan wutar ba shi da yawa, shi ya sa muke ganin ya cancanci a biya. Tsallen zuwa 4K kuwa yana iya cin awanni. Abu na uku, wanda ya fi sauran biyun zama a hannunmu, shi ne matakin hasken da muka ajiye allon a kai.

Ga gwajin da muka yi da kwamfutar ɗan uwanmu na uku, mai inci 14 da ɗigo 1920 × 1080, wanda kowa zai iya maimaitawa da tasa. Da farko mun nemi sanin ainihin ƙarfin batirin. Muka buɗe `Command Prompt` muka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Kwamfutar ta ajiye rahoto, ta kuma nuna inda ta ajiye shi. A cikinsa layi biyu ne suka dame mu: `DESIGN CAPACITY`, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da `FULL CHARGE CAPACITY`, wato abin da yake iya ɗauka yau. Na farkon ya nuna kimanin 51,000 mWh, na biyun kimanin 34,000. Batirin ya riga ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa tun kafin ya zo hannunmu. Daga nan muka cika shi, muka kashe intanet, muka sa haske a ƙarshensa, aka yi awa ɗaya ana buga rubutu. Caji ya sauka da kashi 20, wanda ke nufin awa biyar ne iyakarsa. Washegari muka maimaita da haske a kashi 40, a cikin ɗaki, sai ya sauka da kashi 15, wato awa shida da minti arba'in. Awa ɗaya da minti arba'in ta fito daga danna maɓalli ɗaya. Lambobin taka kwamfutar za su bambanta da waɗannan, amma hanyar aunawar ɗaya ce. Gwajin ya kuma nuna mana cewa a kasuwar 'yan hannu, lafiyar batir ta fi bambancin inci 13 da 14 tasiri nesa ba kusa ba. Ƙaramin allo da mataccen batir ba zai kai ka ko'ina ba.

Akwai dabaru biyu da ke yawo a tsakaninmu waɗanda muke roƙo a daina wahala da su. Ta farko ita ce rage `Display resolution` daga 1920 × 1080 zuwa ƙasa wai don a tsimi caji. Tagogin allon suna nan yadda aka ƙera su, fitilar ma tana ci kamar da, abin da ake samu kawai shi ne rubutu ya yi hazo-hazo domin an miƙe ɗigo kaɗan a kan ɗigo masu yawa. A bar shi inda aka rubuta `Recommended`, a yi gyara ta `Scale`. Ta biyu ita ce mayar da shafi baƙi, rubutu fari. A allo irin na OLED, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa, hakan yana rage shan wuta. A allo mai fitila a baya kuwa fitilar tana nan kunne ko shafin baƙi ne ko fari. Wanda ya ji baƙin shafi ya fi yi wa idonsa daɗi da daddare, ya yi abinsa, amma kada ya sa ran ƙarin awa.

Sai kuma abin da lambobi ba sa faɗa, wato irin allon kansa. Da yawa daga cikin masu 1366 × 768 samfurin TN ne, wanda da zarar ka ɗan karkata shi baya ko gaba launi ya wanke, baƙin rubutu ya koma toka-toka. Samfurin IPS yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa. Wannan ya shafi caji kai tsaye, domin mai allon da rubutunsa ya kode yakan ƙara haske don ya gani. Haka ma allo mai sheƙi kamar madubi, irin wanda masu taɓawa da yatsa kan zo da shi. Mu da muke yawan rubutu a zaure ko a inuwar darbejiya saboda zafin ɗaki, allo mai sheƙi fuskarmu zai riƙa nuna mana, mu yi ta ƙara haske muna faɗa da rana. Wanda ba ya sheƙi ya fi mana. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi, domin ita ma tana disashe rubutu.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce kuɗi ne ke zaɓe, ba ra'ayi ba, kuma 'yar inci 11.6 ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, injinta ma ba ya shan wuta sosai. Haka ne. Littattafan da suka cika kasuwannin Kano tun shekarun 1980 da biro aka fara rubuta su, yau ma wasunmu a waya suke gama littafi sukutum. Wanda ƙaramar ce iyakar ƙarfinsa ya saya, ba laifi, amma ya san abin da ya sadaukar, ya kuma rama ta wata hanya. Ya yi rubutun farko a kanta, idan ya zo gyara ya ƙara girman shafi zuwa kashi 150 ko fiye, ya yi amfani da `Ctrl+F` ya bi kalmomin da suka saba ruɗinsa ɗaya bayan ɗaya, irin su kasa da fada da baki, sannan ya fitar da karatun ƙarshe a takarda. Haka 'yar uwarmu ta Rogo take yi yanzu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya biya kuɗin babbar kwamfuta, a ba shi allo mafi rauni bai sani ba.

Hakan kuwa yana faruwa, domin suna ɗaya ba ya nufin allo ɗaya. ThinkPad X270 ta fito da mai 1366 × 768, ta kuma fito da mai 1920 × 1080. Haka ma HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude 7490. Biyu za su zauna a kan kanta ɗaya, a titin Beirut ko wani wurin, jiki ɗaya, suna ɗaya, farashi kusan ɗaya, allo daban. Wani lokacin ma allon asali ya fashe an sauya shi da mai araha, mai shagon kansa bai sani ba. Wanda ya taso daga Rogo ko Ƙaraye ya biya kuɗin mota zuwa Kano, komawa don musaya ba ƙaramin aiki ba ne, saboda haka a gama bincike a tsaye a shagon.

Binciken bai wuce minti goma ba. A sa a kunna ta, a shiga `Display` a karanta lambar da ke `Display resolution` da ido, kada a karɓa daga baki. A karkata allon baya da gaba a ga ko launi na wankewa. A fitar da rahoton batir a kwatanta layukan nan biyu, idan na biyun ya gaza kashi 70 na na farkon a sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. Daga ƙarshe a buɗe Word, a liƙa jimlar da aka zo da ita a filashi, wadda ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ kusa da k da d da b, a rage haske zuwa kashi 40, a ja baya daidai yadda ake zama a gida. Idan ana rarrabe baƙi da baki ba tare da an sunkuya ba, allon ya yi. Idan sai an matso, a ajiye ta a duba ta gaba.

Wanda ya yi gwajin awa ɗaya da tasa kwamfutar, ya kawo mana girman allonsa da abin da ya samu, mu haɗa mu gani.